Yadda ake lissafin ƙaruwar saurin juyin fuli idan kaya yana saukowa da zaren da aka naɗe masa

Ga tsarin da za mu yi aiki a kansa. An kafe fuli a kan sandar da ta ratsa tsakiyarsa, yana iya juyawa amma ba ya gusawa daga wurinsa. An naɗe masa zare, an ɗaura wani kaya mai nauyi a bakin zaren. Da zarar an saki kayan sai ya fara saukowa, zaren yana warwaruwa, fulin yana juyawa, kuma saurin juyin yana ta ƙaruwa. Abin da ake nema shi ne yawan wannan ƙaruwa a kowace daƙiƙa, wadda ake rubutawa da harafin α, ana auna ta da radiyan a daƙiƙa a kowace daƙiƙa, wato rad/s². Zagaye ɗaya cikakke radiyan 2π ne, kusan 6.28.

Lissafin ba shi da tsawo, amma akwai wuri guda da yake kayar da yawancin masu koyo, kuma a kansa wannan jagora zai fi daɗewa. Ƙarfin da yake juya fulin shi ne jan zaren, kuma muddin kayan yana ƙara gudu zuwa ƙasa, jan zaren bai kai nauyin kayan ba.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka fara

Adadi huɗu kake bukata. Na farko nauyin kayan da ke rataye, m, a kilogiram. Na biyu r, tazarar da ke tsakanin tsakiyar fulin da wurin da zaren yake barin jikinsa, a mita. Na uku g, ƙaruwar gudun abin da ya faɗo sakaka, wadda za mu ɗauka a 9.8 m/s². Na huɗu shi ne I, nauyin juyi na fulin, wato ma'aunin wahalar da ake sha kafin a sa shi ya ƙara saurin juyawa.

Nauyin juyi ya dogara da nauyin fulin da kuma inda nauyin ya taru a jikinsa. Nauyin da ke can bakin gefe ya fi wuyar juyawa a kan wanda ke kusa da tsakiya, domin a kowane zagaye shi ne yake yin tafiya mafi nisa. Idan fulin faifai ne cikakke mai kauri ɗaya ko'ina, mai nauyi M da rabin faɗi R, ko kuma zobe ne wanda kusan duk nauyinsa yana gefe, to:

```
faifai:  I = ½ M R²
zobe:    I = M R²
```

Ka lura da ƙaramin r da babban R. Sau da yawa sukan zo daidai, idan a bakin gefen fulin aka naɗe zaren. Amma idan a kan wata 'yar siririyar ganga da ke manne a tsakiyar fulin aka naɗe shi, to sun bambanta: R ne yake shiga lissafin I, r kuma shi ne yake shiga duk inda ake maganar zare. Ka rubuta su dabam tun daga farko, ko da kana ganin adadinsu ɗaya ne.

Muna kuma ɗauka cewa zaren ba shi da nauyin a zo a gani, ba ya miƙewa kamar roba, ba ya zamewa a jikin fulin. Gogayyar da ke tsakiya za mu ajiye ta gefe tukuna, mu dawo mata daga baya.

Mataki na farko: ka raba kayan da fulin

Ka zana su dabam-dabam, kowanne da ƙarfin da ke aiki a kansa. A kan kayan akwai ƙarfi biyu kacal: ƙasa tana jansa ƙasa da ƙarfin mg, zare yana jansa sama da ƙarfin da za mu kira T. Tunda saukowa yake yi, mu ɗauki ƙasa a matsayin ɓangaren da muke ƙirgawa da ƙari. Dokar Newton ta biyu ta ce ƙarfin da ya rage bayan an cire wannan daga wancan shi ne yake ba kayan ƙaruwar gudu a:

```
m g − T = m a
```

Tsaya ka dubi wannan layi da kyau. Da a ce T daidai yake da mg, da ɓangaren hagu ya zama sifili, da a ta zama sifili, kayan kuma ba zai ƙara gudu ba. To amma muna kallonsa yana ƙara gudu. Ke nan dole T ya gaza mg. Wanda ya taɓa riƙe igiya da kaya mai nauyi ya san wannan a hannunsa: idan ya riƙe kayan cak, yana jin nauyin gaba ɗaya, idan kuwa ya sassauta ya bar shi yana zurarewa da ƙaruwar sauri, sai ya ji igiyar ta yi masa sauƙi.

Mataki na biyu: fulin

Shi fuli ƙarfi uku ne a kansa: nauyin kansa, tokarar da sandar tsakiya take yi masa, da jan zare. Biyun farko duka ta tsakiya suke bi, saboda haka ba sa murɗa shi ko kaɗan. Jan zare ne kaɗai yake aiki a nesa da tsakiya, kuma zaren yana barin da'irar ne a shafe da gefenta, don haka ƙarfin murɗawarsa shi ne T sau r ba tare da wani gyaran kusurwa ba:

```
T r = I α
```

Jan da zaren yake yi wa fulin ƙasa shi ne dai jan da yake yi wa kayan sama. T ɗaya ne a duka layukan biyu, saboda mun ce zaren ba shi da nauyi.

Mataki na uku: abin da ya haɗa su

Yanzu muna da layi biyu amma abubuwan da ba mu sani ba uku ne: T da a da α. Zaren ne yake kawo na uku. Duk santimitan da kayan ya sauka, santimita ɗaya ne na zare ya warwaru daga jikin fulin. Idan fulin ya juya radiyan θ, zaren da ya fita tsawonsa rθ ne. Daga nan gudun kayan ya zama rω, inda ω shi ne saurin juyin fulin, ƙaruwar gudunsa kuma:

```
a = r α
```

Wannan dangantaka da radiyan kawai take aiki. Idan ka sa digiri ko yawan zagaye a cikinta, amsar za ta fita daga hanya.

Mataki na huɗu: warwarewa

Daga layin fuli, T = Iα/r. Ka sa wannan da a = rα a cikin layin kaya, ka ninka ko'ina da r, ka tattara α a gefe guda:

```
m g r = I α + m r² α
α = m g r / (I + m r²)
```

Amsar ke nan, kuma tana da ma'anar da ya kamata a riƙe fiye da haddar haruffanta. A sama akwai mgr, murɗawar da nauyin kayan zai bayar. A ƙasa akwai abubuwa biyu da wannan nauyi yake fama da su lokaci ɗaya: fulin da yake juyawa, I, da kuma kayan kansa da dole a ƙara masa gudu, mr². Wanda ya ɗauki T a matsayin mg, wannan mr² ɗin ne ya yar ba tare da ya sani ba.

Misali da lambobi

A ce fulin faifai ne na kilogiram 3.0, rabin faɗinsa santimita 10, an naɗe zaren a bakin gefensa, an rataya kaya na giram 500. Kafin komai a mayar da su mita da kilogiram: M = 3.0 kg, R = r = 0.10 m, m = 0.50 kg.

```
I    = ½ × 3.0 × 0.10²   = 0.015 kg·m²
m r² = 0.50 × 0.10²      = 0.005 kg·m²
mgr  = 0.50 × 9.8 × 0.10 = 0.49 N·m
α    = 0.49 / 0.020      = 24.5 rad/s²
```

Wato a kowace daƙiƙa saurin juyin yana ƙaruwa da radiyan 24.5 a daƙiƙa, kusan zagaye huɗu a daƙiƙa. Kayan yana saukowa da a = 0.10 × 24.5 = 2.45 m/s², kashi ɗaya cikin huɗu na g. Jan zaren kuwa T = 0.50 × (9.8 − 2.45) = 3.675 N, alhali nauyin kayan 4.9 N ne. Zaren yana ɗauke da kashi uku cikin huɗu ne kawai na nauyin.

Ka gwada amsar a layin fuli, wanda ba mu yi amfani da shi ba wajen fitar da T ɗin nan. T sau r ya ba da 0.3675, I sau α ma 0.015 × 24.5 = 0.3675. Sun yi daidai.

To me zai faru da wanda ya ce T = mg? Zai raba 0.49 da 0.015 ya sami 32.7 rad/s², ya wuce gaskiya da kashi ɗaya cikin uku. Girman wannan kuskure kullum mr²/I ne, a nan 0.005 bisa 0.015. Idan kayan ya ƙara nauyi, kuskuren yakan kai ga abin da hankali ba zai ɗauka ba. Sa kaya na kilogiram 2.0 a wannan gurguwar hanya: α zai fito kusan 131 rad/s², a kuma kusan 13 m/s², wato kayan da zare yake riƙe da shi yana faɗowa da sauri fiye da dutsen da aka saki sakaka. Duk lokacin da a ta fito sama da 9.8, babu sauran bincike, lissafin ya ɓaci.

Wannan ya nuna mana iyakar tsarin. Komai nauyin kayan da ka rataya, a ba za ta wuce g ba, don haka α ba zai wuce g/r ba, wanda a misalinmu 98 rad/s² ne. Shi ya sa ninka kaya ba ya ninka α. Da kilogiram 1.0 a madadin 0.50, za a sami 0.98/0.025 = 39.2 rad/s², ba 49 ba. Idan kuma aka bar kayan yadda yake aka canza faifan da zobe mai nauyi da faɗi iri ɗaya, I ya zama 0.030, α ya sauko zuwa 14 rad/s².

Tabbatarwa ta hanyar makamashi

Ina ba da shawarar a riƙa yin wannan a kowane lokaci, domin hanya ce da ba ta bi ta kan T ba sam, don haka kuskuren da aka yi a can ba zai ɓuya a nan ba. A ce kayan ya sauka tsawon h na mita 1.2 daga tsaye, gudunsa ya kai v. Tunda a ba ta canzawa, v² = 2ah = 2 × 2.45 × 1.2 = 5.88, wato v kusan 2.42 m/s, ω kuma kusan 24.2 rad/s. Makamashin da kayan ya saki da saukowarsa mgh = 5.88 J ne. Na gudun kayan ½mv² = 1.47 J, na juyin fulin ½Iω² = ½ × 0.015 × 588 = 4.41 J. Haɗa su ka sami 5.88 J cif. Fulin ya kwashi kashi uku cikin huɗu, daidai da rabon I da mr² a ƙasan lissafinmu, 0.015 da 0.005.

Saukowar gaba ɗaya tana ɗaukar t = √(2h/a), kusan daƙiƙa 0.99, fulin bai ma cika zagaye biyu ba. Ga mai son auna wannan da agogon hannu, lokacin ya yi gajarta ƙwarai, domin jinkirin yatsa wajen dannawa kaɗai zai cinye kaso mai yawa daga cikinsa.

Idan zaren yana kan siririyar ganga

Dalilin da ya sa a ɗakin gwaji ake naɗe zaren a kan siririyar ganga ko a kan sandar da ke juyawa tare da fulin ke nan. Mu bar faifan yadda yake, I = 0.015, mu ɗauka gangar ba ta ƙara masa wani abin kirki ba, amma yanzu r = 0.020 m.

```
α = (0.50 × 9.8 × 0.020) / (0.015 + 0.50 × 0.020²)
  = 0.098 / 0.0152 = 6.45 rad/s²
```

Kayan yana saukowa a hankali, a = 0.129 m/s², mita 1.2 ɗin nan tana cin daƙiƙa 4.3, fulin yana yin zagaye tara da rabi. Jan zaren ya koma 4.84 N, dab da 4.9 N. A nan wanda ya ce T = mg kuskurensa bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, kuma ina ganin daga irin wannan tsari ne mutane suke ɗauko al'adar, sannan su kai ta inda ba ta aiki. Kafin ka yarda ka yi wannan sassauci, ka lissafa mr²/I ka ga girmansa.

Wani abu kuma yakan taso idan r ƙarami ne: kaurin zaren kansa. Tazarar da ke aiki ita ce daga tsakiya zuwa tsakiyar kaurin zaren. Igiya mai kaurin milimita 2 a kan ganga mai rabin faɗi milimita 20 tana mayar da r milimita 21, ƙarin kashi biyar cikin ɗari. Idan kana amfani da lokacin saukowa don gano I, r sau biyu yake shiga, don haka kuskuren zai kai kusan kashi goma. Hanya mafi tabbas ita ce ka auna r da zaren kansa: ka yi alama, ka warware naɗi goma cif, ka auna tsawon da ya fita, ka raba da 10 × 2π. Idan r santimita 2.0 ne, tsawon zai zama kusan santimita 125.7. Ka kuma jera naɗin gefe da gefe, kada wani ya hau kan wani, domin idan sun hau juna r zai riƙa raguwa yayin da kayan yake saukowa, α ba zai tsaya a adadi ɗaya ba.

Gogayya, da yadda ake kama ta

A aikace kayan kan isa ƙasa a makare fiye da yadda lissafi ya faɗa, saboda gogayya a tsakiyar fulin tana murɗa shi baya. Idan muka kira wannan murɗawa τ, muka kuma ɗauka ba ta canzawa sosai da sauri, layin fuli ne kaɗai yake sauyawa:

```
T r − τ = I α
α = (m g r − τ) / (I + m r²)
```

Mu ɗauka an yi gwajin da siririyar gangar nan, an maimaita, matsakaicin lokacin saukowar mita 1.2 ya fito daƙiƙa 4.8 maimakon 4.3. Sai a bi lissafin daga baya zuwa gaba. Da farko a = 2h/t² = 2.4/23.04 = 0.104 m/s². Sannan α = a/r = 5.21 rad/s². Jan zare T = 0.50 × (9.8 − 0.104) = 4.85 N, murɗawarsa kuma 0.097 N·m. Amma abin da ya tafi wajen ƙara wa fulin sauri Iα = 0.015 × 5.21 = 0.078 N·m ne kawai. Ragowar, kusan 0.019 N·m, gogayya ce ta cinye. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan na dukan murɗawar, daga jinkirin rabin daƙiƙa.

Matsalar ita ce sau da yawa I ne ake nema, ba a san shi ba tun farko. Wanda ya yi watsi da gogayya ya raba 0.097 da 5.21 zai sami 0.0186, ya zarce 0.015 da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Gogayya kullum tana sa fuli ya yi kama da wanda ya fi ainihinsa nauyi.

Maganin yana cikin gwajin kansa. Kada ka ɗaure zaren tamau a jikin gangar. Ka yi masa ɗan madauki ka saƙala a kan wani ɗan ƙusa, ka daidaita tsawonsa yadda zai suɓuce daidai lokacin da kayan ya taɓa ƙasa. Daga wannan lokaci babu abin da ke aiki a kan fulin sai gogayya, sai ka auna daƙiƙun da zai yi kafin ya tsaya. A misalinmu saurin juyi a lokacin da zaren ya suɓuce ω = 5.21 × 4.8 = 25 rad/s ne. Idan ya tsaya bayan daƙiƙa 20, raguwar saurinsa α₂ = 25/20 = 1.25 rad/s², kuma τ = Iα₂. Sa wannan a layin fuli:

```
T r = I (α + α₂)
I = 0.097 / (5.21 + 1.25) = 0.015 kg·m²
```

An sami I ba tare da an auna nauyin fulin ko faɗinsa ba, kuma hanyar tana aiki ga fulin da siffarsa ba faifai ba ce ba zobe ba, mai ramuka ko haƙarƙari, wanda babu wani gajeren lissafi da zai ba da nauyin juyinsa. Ba cikakkiya ba ce, domin gogayyar takan ɗan ragu idan zaren ya suɓuce nauyin kayan ya bar fulin, kuma iska tana ƙara nata idan juyin ya yi sauri, amma ta fi watsi da gogayya nesa ba kusa ba.

Idan ka ɗaure zaren tamau kuwa, fulin zai ci gaba da juyawa bayan zaren ya ƙare, ya fara naɗe shi ta ɗaya gefen yana ɗago kayan sama. A lokacin T ya koma rage wa fulin sauri, kuma fizgar da zaren yake sha a daidai ƙasa tana iya tsinka shi.

Akwai gwaji mai sauri da zai nuna maka ko gogayya ta yi yawa tun kafin ka fara auna lokaci. Ka riƙa rataya ƙananan kaya har ka sami wanda idan ka ɗan tura fulin zai ci gaba da saukowa da gudu ɗaya, ba ƙari ba ragi. A nan α sifili ne, don haka τ = mgr kai tsaye. Da τ na 0.019 N·m da r na 0.020 m, wannan kaya zai kai kusan giram 100. Idan kayan da kake shirin yin gwajin da shi bai ninka wannan sau da yawa ba, abin da za ka auna galibinsa halin gogayya ne, sai ka ƙara nauyin kayan ko ka sa wa tsakiyar fulin mai kafin ka ci gaba.

Wajen sakin kayan ma a kula. Lissafin a = 2h/t² ya ɗauka cewa daga tsaye aka fara, don haka ka riƙe fulin ne da yatsa, ka bar kayan ya daina lilo, zaren ya miƙe tsam, sannan ka ɗage yatsan ba tare da turawa ba. Tsawon h kuma ka auna shi daga ƙasan kayan zuwa inda zai sauka, ba daga jikin fulin ba.